Sikelin da Ya Faɗi Gwaji: Wasiƙar da Ke Faɗin Buhunan da Za a Sake Aunawa

A takardar shaidar da masu gwajin ma'auni ke bayarwa bayan sun duba sikelin masana'anta, akwai jerin lambobi biyu da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa. Na farko shi ne abin da sikelin ya nuna a yadda aka tarar da shi, kafin kowa ya sa masa hannu da niyyar gyara. Na biyu shi ne abin da ya nuna bayan an saita shi, wato yadda aka bar shi. Galibin masu masana'anta kan jeri na biyu idonsu ke faɗawa. Da sun ga an rubuta ya ci, sai su cusa takardar a fayil, hankali kwance. To amma jeri na biyu batun kayan da za a auna gobe yake yi. Kayan da aka riga aka auna, aka ɗinke bakin buhunsu, aka loda a mota suka tafi, jeri na farko ne kaɗai ke iya ba da shaida a kansu. Idan shi ya faɗi, sai a ce gwajin yadda aka tarar ya faɗi, kuma daga wannan rana akwai wasiƙar da ke jiran manajan kula da inganci ya rubuta.

Ba don ganin dama ake rubuta ta ba. Ƙa'idar ISO 9001 ta shekarar 2015, wadda kamfanoni da yawa ke rataye shaidarta a bangon ofis, ta tanadi a sashe na 7.1.5.2 cewa idan aka samu ma'auni bai dace da aikinsa ba, dole kamfani ya bincika ko awon da aka yi da shi a baya ya gurɓata, kuma ya ɗauki matakin da ya kamata. Ƙa'idar ISO/IEC 17025 ta 2017, wadda ta shafi ɗakunan gwaje-gwaje, ta fi ma tsauri: a janye na'urar daga aiki, a yi mata alama, a duba illar da ta jawo, a sanar da abokin ciniki in akwai buƙata, a janye aikin da aka riga aka miƙa masa in ya kama. Ƙa'idojin sun faɗi abin da za a yi, amma ba su rubuta wa kowa wasiƙarsa ba. A nan ake gane manajan da ya san aikinsa.

Domin a ga abin ƙuru-ƙuru, bari mu ƙaga misali guda mu bi shi daki-daki. A ɗauka akwai kamfanin casar shinkafa da ke cika buhuna masu kilo 25 da sunan wani babban dila. Dilan ne ke kawo buhunan da tambarinsa, shi ne kuma zai sha kunya a kasuwa in aka samu tauyi. Kamfanin na da sikeli biyu na lantarki, na ɗaya da na biyu, kowanne yana ƙirga giram goma-goma. Kamfanin ya gindaya wa kansa cewa kuskuren sikeli a kan kilo 25 kada ya wuce giram 50, sama ko ƙasa. Duk aikin yini guda da aka cika a jere da shinkafa iri ɗaya ana kiransa zubi ɗaya, buhu 400, kuma kowane zubi da lambarsa a jikin buhu.

Ranar 13 ga Janairu masu gwaji suka zo aikinsu na shekara-shekara. Sun zo da duwatsun awo na ƙarfe, irin waɗanda su ma aka gwada su da waɗanda suka fi su daidaito, har silsilar ta kai ga ma'aunin ƙasa da na duniya. Dutsen kilo 20 na ajin da ake kira M1, wanda aka saba gwada sikelin kasuwanci da shi, ba a yarda kuskurensa ya wuce giram ɗaya ba, don haka in aka samu saɓani tsakaninsa da sikeli, ba a neman mai laifi da nisa. Suka ɗora kilo 10 a sikeli na biyu, ya nuna 10.07. Suka ɗora kilo 25, ya nuna 25.18. Suka ɗora kilo 50, ya nuna 50.36. Na ɗaya kuwa ya ci gwajinsa lafiya lau.

A kula da ɓangaren da kuskuren ya karkata, don nan mutane ke rikicewa. Sikelin da ke nuna fiye da abin da aka ɗora masa ba ƙari yake yi wa mai saye ba, tauye shi yake yi. Ma'aikacin da ke cika buhu yana kallon allo ne, da ya ga lambar da aka ce ya kai sai ya tsaya. Idan allon na riga gaskiya da giram 180, to kowane buhu ya tashi da gibin giram 180 daga abin da aka rubuta a littafi. Daidai yake da mudun da aka doki gindinsa ya lotsa ciki: a ido ya cika har da tozo, a tukunya kuma a ga bai kai ba.

Masu gwajin suka saita sikelin, suka sake ɗora duwatsu, ya nuna 25.00, suka manna sabuwar takarda suka tafi. Ga abin da manajan ya rubuta wa dilan bayan kwana biyu:

"Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na rubuto ne in sanar da ku cewa sikelinmu na biyu, wanda muke cika buhunanku masu kilo 25 da shi, ya faɗi gwajin shekara ranar 13 ga Janairu. Da aka ɗora masa kilo 25 cif, kafin a gyara shi, ya nuna kilo 25.18, alhali iyakar kuskuren da muka yarda da shi giram 50 ne. Ma'ana, wasu daga buhunan da muka kawo muku na iya gaza abin da aka rubuta a jikinsu. An gyara sikelin a ranar, kuma kwafin takardar shaidar na haɗe da wannan wasiƙa. Zubi biyar muke roƙon ku dakatar da sayarwa har a sake auna su, ga lambobinsu a ƙasa, tare da dalilin da ya sa muka ce su ne, ba sauran ba."

Duk abin da Alhaji ke buƙata don ya ɗaga waya ya kira mai kula da sito yana cikin wannan sakin layi: wace na'ura, yaushe, nawa ne kuskuren, ta wane ɓangare, me zai yi yanzu. Raunanan wasiƙu kan fara da shafi guda na tarihin kamfani da yadda yake ƙaunar inganci, sannan a can ƙasa a ambaci "'yar tangarɗa da aka riga aka shawo kanta". Wannan jimlar ita ce ta fi kowace cutarwa, domin tana haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Sikeli aka shawo kansa. Buhunan da ke jibge a siton Alhaji gyaran bai ƙara musu ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba.

Daga yaushe aka fara tauyewa?

Wannan ce tambaya mafi wuya, kuma ita ce cibiyar wasiƙar. Gwajin ranar 13 ga Janairu ya faɗi halin sikelin a ranar kaɗai. Bai faɗi ranar da ya karkace ba. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi mai sauƙi ce, ko da yake tana da ɗaci: a koma baya har zuwa rana ta ƙarshe da ake da rubutacciyar shaida cewa ma'aunin na daidai, duk abin da aka auna daga nan zuwa yau abin tuhuma ne. Idan kamfani ba shi da wata shaida sai takardar gwajin bara, to aikin wata goma sha biyu cur ya shiga zargi.

Abin da ke rage wannan tazara shi ne ɗan gwajin da kamfani ke yi da kansa tsakanin zuwan masu gwaji. A misalinmu, akwai dutsen kilo 20 da ake ɗorawa a kan kowane sikeli sau ɗaya a mako, a rubuta abin da ya nuna a littafi, mai aikin ya sa hannu. Da manajan ya buɗe littafin, sai ya ga shafin sikeli na biyu na tafiya tsaf daga Janairun bara: 20.01, 20.00, 20.02, haka dai. Rubutu na ƙarshe ranar 6 ga Satumba ne, 20.02. Daga nan fararen layuka. An canza wa ma'aikacin da ke yin gwajin wurin aiki, ba a ɗora wa kowa nauyin ba, dutsen kuma aka same shi an tokare ƙofa da shi. Da an ci gaba da gwajin, a makon farko za a ga 20.14, kuma da zubi ɗaya ko biyu kawai ake magana a kai.

Manajan ya kuma gano wani abu. Ranar 9 ga Satumba an ɗauke sikelin daga mazauninsa don gyaran daɓe, kuma masu gwaji sun rubuta cewa sun tarar hatimin da ke kan maɓallin saiti a karye. Da aka bi diddigi, wani makaniki ya ce bayan an mayar da sikelin ya ga kamar yana rawa, sai ya sake saita shi da buhun shinkafa da ke kusa, a kan cewa kilo 25 ne. Lissafi ya goyi bayan wannan labari. Idan buhun nan kilo 24.82 ne aka gaya wa sikelin 25 ne, to daga ranar duk abin da aka ɗora masa zai kumbura shi da kimanin giram bakwai a kowane kilo: 70 a kan kilo 10, 180 a kan 25, 360 a kan 50. Abin da aka tarar ke nan ba ragi ba ƙari. Siffar kuskure kan tona asalinsa. Da ƙaiƙayi ne ko tsakuwa suka cushe ƙarƙashin faranti, an fi sa ran sikelin ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya, ko ya ƙi maimaita lamba ɗaya in an sauke an sake ɗorawa. Da sifilin ne ya goce, kuskuren zai zama ɗaya a kowane nauyi. Kuskuren da ke girma daidai da girman kaya yana nuna saitin ne ya karkace.

Duk da haka manajan bai sa iyakar a ranar 9 ba. Ga yadda ya rubuta:

"Shaidarmu ta ƙarshe cewa sikelin na daidai ita ce ta ranar 6 ga Satumba. Muna kyautata zaton a ranar 9 ga wata matsalar ta faro, lokacin da aka sake saita shi ba da izini ba, amma wannan daga bakin mutum muka ji, ba mu da shi a rubuce. Saboda haka mun ɗauki duk abin da aka cika daga 7 ga Satumba zuwa 13 ga Janairu a matsayin abin dubawa. Daga zubi 31 da muka kawo muku a shekarar, 19 an cika su kafin wannan lokaci, kuma kwafin shafukan littafin gwajin mako na haɗe don ku gani da idonku."

Akwai wata dabara da wasu ke yi a nan, wadda a ganina yaudarar kai ce da aka yi wa ado da lissafi. Sai su ce ai sikelin a hankali ya riƙa gocewa, daga sifili a watan Satumba zuwa 180 a Janairu, don haka kayan Oktoba kuskurensu bai kai iyaka ba, a cire su. Wa ya ga yana gocewa a hankali? Ma'auni na iya lafiya yau, gobe a jefa masa buhu daga kafaɗa ya karkace gaba ɗaya. In babu awo a tsakiya, ba a zana layi tsakanin maki biyu a kira shi shaida. Abin da ya dace shi ne a ɗauka dukkan kuskuren da aka tarar yana nan tun ranar farko ta tazarar. Ko wannan ma zato ne, don akwai na'urorin da kuskurensu ke hawa da sauka da zafin rana. A nan dai karyayyen hatimi da siffar kuskuren sun ba da dalilin yarda cewa tsalle ɗaya aka yi aka tsaya.

Daga goma sha biyu zuwa biyar

Saura zubi 12. Tambaya ta gaba ita ce wanne ne ya hau sikeli na biyu. Wannan sai takardar kowane zubi ta faɗa, in har an tanadi gurbin rubuta lambar sikeli kuma an cike shi. Kamfanoni da yawa sai a irin wannan rana suke gane cewa sun iya bin silsila daga sikeli zuwa ma'aunin ƙasa, amma ba su iya bin ta daga sikeli zuwa kayan da ya auna ba. A misalinmu, huɗu a sikeli na ɗaya aka cika su, shi kuma ya ci gwajin yadda aka tarar, sai aka fitar da su. Bakwai a na biyu aka cika. Ɗaya kuma an bar gurbin fayau. Mai kula da layi ya rantse a na ɗaya aka yi shi. Manajan ya jefa shi cikin waɗanda ake tuhuma, kuma ya faɗa wa Alhaji dalili a fili: takarda ba ta nuna ba.

Takwas ke nan. Yanzu sai a kwatanta girman kuskure da ratar da kowane zubi ke da ita. Kamfanin ba a kan kilo 25 cif yake tsayawa ba, yakan ɗan ɗara, kuma ana rubuta matsakaicin nauyin buhunan kowane zubi. Sai dai ba 180 kawai za a cire ba. Kowace takardar gwaji ta ƙwarai tana faɗin iyakar shakkar da ke cikin awon su masu gwajin kansu, domin ba awon da ba shi da ita. A nan an rubuta giram 20. Saboda haka mafi munin hali shi ne giram 200, kuma duk zubin da matsakaicinsa a littafi bai kai kilo 25.20 ba, yana iya kasancewa ƙasa da 25 a gaskiya.

Me ya sa matsakaici ake kallo? Hukumar duniya mai tsara dokokin awo, OIML, a shawararta mai lamba R 87 kan kayan da aka ƙunshe aka rufe, ta bambanta buhu ɗaya da zubi gaba ɗaya. An yarda ɗaiɗaikun buhuna su ɗan gaza, kuma ga kaya mai nauyin kilo 25 gazawar da ake jurewa kashi ɗaya cikin ɗari ce, wato giram 250. Amma matsakaicin zubin bai kamata ya sauka ƙasa da abin da aka rubuta a jiki ba. Ma'aikaci ya zuba wa wannan buhu ya ɗara, ya zuba wa wancan ya gaza, wannan halin aiki ne. Amma dukkan buhuna su karkata gefe guda, wannan tauye mudu ne ko da ba da gangan ba. Kuskuren sikeli kuwa irin na biyun yake haifarwa.

Zubi uku na Disamba da farkon Janairu matsakaicinsu ya kama daga 25.24 zuwa 25.27, domin kamfanin kan ƙara ciko da hunturu saboda shinkafa na bushewa a sito. An cire 200, sun tsaya daga 25.04 zuwa 25.07. Sun tsira. Sauran biyar, har da wanda ba a san sikelinsa ba, suna tsakanin 25.08 da 25.14. An cire 200, sun koma 24.88 zuwa 24.94. Su ne biyar ɗin da aka ambata a farkon wasiƙa.

Wani manajan a nan zai ajiye alƙalami. Wannan ya ƙara sakin layi guda, wanda shi ne ya fi burge ni a duk wasiƙar:

"Game da zubi ukun hunturu, a ranar da aka cika su sun kai kilo 25 ko da an cire kuskuren. Amma ku sani ƙarin da muka yi musu don bushewa muka yi shi, kuma kuskuren sikelin ya cinye mafi yawansa. Ba mu ce ku dakatar da su ba, sai dai muna ba da shawarar a fara fitar da su, kuma za mu auna buhu ashirin-ashirin daga cikinsu idan mun zo."

Alhaji ba zai taɓa gano wannan da kansa ba. Lissafin ya wanke zubin, kuma babu ƙa'idar da ta tilasta a faɗa. Amma wanda ya san dalilin da ya sa aka ƙara cikon ya san cewa wankewar ta takarda ce kawai.

Idan aka buga lissafin asarar gaba ɗaya, ba ta da yawa. Zubi biyar buhu 2,000 ne. Mafi girman gibi giram 120 ne a buhu, jimilla kilo 240 in an ɗauki mafi muni, ƙasa da buhu goma. Mai kamfani na iya tambayar manajansa: a kan buhu goma za ka tada mana hankalin babban abokin ciniki? Amsar ita ce ba kamfanin ke da ikon yanke cewa abin ƙarami ne ba. Sunan Alhaji ne a jikin buhun. Shi ya san ko ya sayar wa wata makarantar kwana da ke auna duk abin da ta karɓa, ko wani ɗan kwangila da yarjejeniyarsa ta ƙunshi tara, ko kuma jami'an awo da ma'auni sun saba leƙa sitonsa. Ban da haka, aikin iri ɗaya ne ko me ake aunawa. Inda sikelin sinadarin magani ne, ko ma'aunin zafin tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta a abincin gwangwani, matakan nan guda uku za a bi, lokaci, na'ura, rata, sai dai a can abin da ke kan layi ya fi buhu goma.

Sake awo ma da nasa tarko

A ce za a sake auna buhu kamar abu ne mai sauƙi, amma shinkafar da ta yi wata uku a sito ba ita ce aka cika ba. A ɗauki buhu mai kilo 25 da aka ɗinke da danshi kashi 14 cikin ɗari. Busasshen abin da ke ciki kilo 21.5 ne, sauran ruwa ne. Idan iskar hunturu ta sauke danshin zuwa kashi 13, nauyin buhun zai koma kusan kilo 24.71. Giram 290 sun tafi ba tare da laifin kowane sikeli ba, fiye da kuskuren da ake bincike a kai. Wanda ya je sito da sikeli kawai zai dawo da lambobi masu tayar da hankali da ba su amsa tambayar ba.

Shi ya sa wasiƙar ta bayyana yadda za a yi aikin. Za a zo da sikelin da aka gwada, da dutsen kilo 20 da za a ɗora a gaban wakilin Alhaji kafin a fara da bayan an gama. Za a zaro buhu 50 daga kowane zubi, daga sama da tsakiya da ƙasan jibga, ba waɗanda ke bakin ƙofa kaɗai ba. Za a auna danshin kowanne a mayar da nauyin zuwa na ranar cikawa. Buhun da aka samu kilo 24.65 da danshi 13, alhali da 14 aka cika shi, sai a ninka 24.65 da 87 a raba da 86, a samu kusan 24.94. To wannan ya gaza tun daga masana'anta, da kimanin giram 60.

Manajan ya san wannan lissafin ma yana da rauni, domin na'urar auna danshi in ta kuskure da rabin maki kawai, ta jirkita sakamakon da kusan giram 145. Sai ya ƙara wata hanya da ba ta dogara da ita ba: a auna buhuna daga zubi huɗun nan da aka cika a sikeli na ɗaya a watanni guda, da ciko iri ɗaya, waɗanda suka sha iska ɗaya a sito ɗaya. Bushewa ta taɓa duka biyun daidai. Bambancin da ya rage tsakaninsu na sikeli ne. Wannan kuma shi zai raba gardama kan zubin da aka bar gurbinsa fayau: in ya yi kama da na sikeli na ɗaya, mai kula da layi ya yi gaskiya.

Saura kayan da suka riga suka fita hannu. Daga Satumba zuwa Janairu, da wuya a ce buhu 2,000 na nan ba a taɓa ba. Abin da aka ci ba ya sake aunuwa, kuma wasiƙar ba ta yi kamar za a iya ba. Ta nemi Alhaji ya faɗi adadin da ya rage daga kowace lamba cikin kwana uku. Na hannu, in sun gaza, kamfanin zai kwashe su ya cike ya sake ɗinkewa da kuɗinsa. Waɗanda aka sayar kuma za a lissafa su da mafi munin gibi na zubinsu a biya shi bambancin, shi kuma ya ga yadda zai yi da nasa abokan cinikin.

Sashen ƙarshe na wasiƙar gajere ne, kuma haka ya kamata, domin alkawarin gyara hali shi ne abin da ya fi arha a rubuta. Manajan bai ambaci sunan makanikin ba, bai kuma jingina masa laifin ba. Mutumin ya ga sikeli na rawa ya yi abin da ya iya, kuma tsarin da ya bar littafi wata huɗu ba rubutu ba tare da wani ya lura ba, a ƙarƙashin ofishin manajan yake. Abin da ya lissafa abubuwa ne da Alhaji zai iya zuwa ya duba: gwajin dutse ya koma kullum da safe kafin a fara cika buhu, shugaban layi na sa hannu a littafin duk Asabar, an sa sabon hatimi mai lamba a maɓallin saiti, duk sikelin da aka gusar ba ya komawa aiki sai an ɗora masa dutse an rubuta, takardar zubi ba ta wucewa in gurbin lambar sikeli ba a cike ba, kuma masu gwaji za su dawo bayan wata shida maimakon shekara har sai sikelin ya ci gwajin yadda aka tarar sau biyu a jere.

Ya rufe da ranar da zai kawo rahoton sake awon, 27 ga Janairu, ya sa hannu da muƙaminsa, ya aika kwafi ga shugaban kamfani. Alhaji ba shi kaɗai ne aka cika wa buhu a sikeli na biyu daga 7 ga Satumba ba. Akwai wasu diloli biyu, ɗaya mai buhun kilo 10, ɗaya mai na kilo 50, kuma kowannensu sai an buga masa nasa lissafin da kuskuren da aka tarar a nauyin buhunsa, giram 70 ga wannan, giram 360 ga wancan, kafin a rubuta masa tasa wasiƙar.